Tagar tana laftof ɗinka, aikin yana can wata ƙasa

1/ Jama'a, zan yi magana a kan abin da ya kusa jawo mana jin kunya gaban malamin da ke duba furojek ɗinmu. Ra'ayina a taƙaice: duk wanda zai gyara fayil a kan saba ta SSH daga cikin VS Code, kafin ya danna komai ya fara tambayar kansa, yanzu a wace kwamfuta nake? Ni ban tambaya ba, na kuwa sha wahala. Ku biyo ni.

2/ Mu huɗu ne a furojek ɗin. Mun haɗa kuɗi mun yi hayar ƙaramar saba mai RAM 1 GB, muka ɗora shafinmu na Flask da MySQL a kai. Ni aka ba wa aikin kula da ita. Na saka Remote - SSH a VS Code, na rubuta wannan a fayil ɗin ~/.ssh/config na laftof ɗina:

```
Host furojek
    HostName 203.0.113.10
    User dalibi
```

3/ Na danna Connect to Host, taga ta buɗe. Kala iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, jerin fayiloli a hagu kamar kullum. Bambancin da ido ke gani kawai shi ne ɗan rubutu a kusurwar ƙasa ta hagu: SSH: furojek. Wallahi a nan rikicin yake. Abin ya yi kama da gida sosai har mutum ya manta cewa baƙo ne a kwamfutar da bai taɓa gani da idonsa ba.

4/ Ga abin da ke faruwa a ɓoye. Ranar farko da ka haɗa, VS Code zai girka wani ɓangare nasa a kan sabar, cikin folda ~/.vscode-server. Daga nan ya rabu biyu. Abin da ya rage a laftof ɗinka shi ne tagar da kake kallo, kalar da ka zaɓa, da maɓallan da kake dannawa. Karanta fayil, ajiye shi, bincike a cikin folda, git, da duk umarnin da ka rubuta a Terminal, can sabar ake yin su.

5/ Kada ka yarda da ni, gwada da kanka. Buɗe Terminal na cikin tagar ka rubuta:

```
hostname
whoami
pwd
```

Sunan sabar zai fito, ba na laftof ɗinka ba. Ko da Windows kake amfani da ita, amsar Linux za ka gani. Daƙiƙa biyar wannan ke ci. Da na saba yin sa, da ban ba ku wannan labarin ba.

6/ To, daren da za mu nuna aiki washegari. Na shiga don gyara ɗan kuskuren rubutu. Na ga VS Code ba ya taimaka min da cika sunayen Python kamar yadda ya saba, sai na leƙa Extensions na ga maɓalli: Install in SSH: furojek. Na danna ban karanta ba. A zatona a laftof nake sakawa. Sannan maimakon in buɗe foldar furojek kaɗai, na buɗe foldar gida gaba ɗaya.

7/ Bayan 'yan mintuna wata 'yar rukuninmu ta turo saƙo: "Shafin fa ba ya buɗewa, wai ya kasa haɗuwa da rumbun bayanai." A lokacin tagar ma ta fara nauyi, in na danna harafi sai ya yi jim kafin taimakon ya fito. Me na yi? Na kashe laftof na kunna. Sau biyu. Na zagi netwok, na canza layi. Ina ta ba mai lafiya magani, mara lafiya na can kwance.

8/ Wani ɗan ajin gaba da mu a hostal ne ya leƙo ya ce, "Ƙanena, bar laftof ɗin nan, ba ta yi maka komai ba. Tambayi sabar." Ya sa na rubuta:

```
free -h
ps aux --sort=-%mem | head
```

Na farko ya nuna RAM ta kusa ƙarewa, kuma layin Swap sifili ne. Na biyu ya jero masu cin RAM, kuma na sama-sama duk node ne daga cikin .vscode-server. Wato kayan aikina ne, ba shafinmu ba.

9/ Dalilin: abin da ke cika maka sunaye yana ja maka jan layi ƙarƙashin kuskure dole ya karanta fayilolinka. Fayilolin kuwa suna kan saba, don haka can yake zama, RAM ɗin can yake ci. Ni kuma na ba shi foldar gida cike da dubban fayilolin laburare ya yi ta bi. Laftof ɗina mai 8 GB tana zaune tana hutawa, ƙaramar saba mai 1 GB tana ɗauke da kayan mutum biyu.

10/ Idan RAM ta ƙare a Linux kuma babu wurin juye kaya, tsarin da kansa yake zaɓar wani shiri mai cin RAM da yawa ya kashe don sauran su rayu. Ga yadda ake ganin wanda aka kashe:

```
sudo dmesg | grep -i "killed process"
```

Sunan mysqld ne ya fito. Ni na jawo cunkoso, rumbun bayananmu ya biya kuɗin.

11/ Gyaran bai ɗauki minti goma ba. Na cire abin da na saka a ɓangaren SSH. Na danna F1 na zaɓi Remote-SSH: Kill VS Code Server on Host, domin rufe taga kawai ba ya kashe shi nan take, yakan jira ko za ka dawo. Muka tayar da MySQL, muka ƙara fayil ɗin swap na 1 GB. Daga baya na ga su kansu masu VS Code sun rubuta cewa 1 GB shi ne mafi ƙaranci, 2 GB suke ba da shawara. Ni ne ban karanta ba.

12/ Abu na biyu da ke ruɗa mutane: localhost. Ma'anarsa "wannan kwamfutar da nake ciki", don haka kowace kwamfuta da nata. In ka kunna Flask a Terminal na tagar, yana sauraro ne a ƙofa ta 5000 ta sabar. Amma sai ka buɗe localhost:5000 a burauzar laftof ɗinka ka ga ya yi aiki. Ta yaya? VS Code ne ya haƙa maka rami ta cikin SSH. Duba shafin Ports za ka gan shi. Da hannu haka ake yi:

```
ssh -L 5000:localhost:5000 furojek
```

13/ Ramin nan naka ne kai kaɗai. In ka tura wa abokinka localhost:5000 a WhatsApp, wayarsa kanta za ta tambaya, ta ce babu komai. Na taɓa yi, aka yi min dariya a guruf. Kuma don Allah kada ka ce za ka warware da --host=0.0.0.0 alhali debug na kunne. Ka buɗe wa duk duniya ƙofa ke nan, kuma shafin kuskuren Flask a wannan yanayi yana da wurin rubuta umarni, lambar sirri ɗaya tak ke tsaron sa.

14/ Na uku, wanda ya fi ba ni tsoro: Ctrl+S. Babu kwafin furojek ɗin a laftof ɗinka. Kana ajiyewa, fayil ɗin sabar ne ya canza. In foldar da shafin ke aiki da ita ka buɗe, gyaranka rabi-da-rabi zai iya kaiwa ga masu amfani da shi. In kuɗin haya ya ƙare aka goge sabar, aikin ya tafi, duk da cewa watanni kana "ganin" sa a allonka. Ganin kwalliya a madubi ba mallakar kaya ba ne.

15/ Abin da muke yi yanzu: folda biyu a sabar. Ɗaya ta gwaji, ita nake buɗewa a VS Code. Ɗaya ta shafin da jama'a ke gani, ba a taɓa ta sai da git pull. Kullum kafin in rufe sai na yi git push. Ku lura, git ɗin ma a sabar yake aiki, don haka suna da imel da ka saita a laftof ba su bi ka can ba, sai ka sake saitawa.

16/ Rabuwar nan tana da daɗinta fa. In ka yi pip install a tagar, sabar ce ke saukewa da intanet ɗinta, datarka ba ta cin komai sai na rubutun da ke gilmawa. Amma doguwar hidima kada ka jingina ta da tagar, tun da wuta da netwok ɗinmu ba su da alƙawari. Sa ta cikin tmux:

```
tmux new -s aiki
tmux attach -t aiki
```

Na farko ya buɗe, na biyu ya mayar da kai bayan an yanke.

17/ Na san masu cewa a bar duk wannan, a koma vim ko nano a baƙin allo, wai a nan ne ba ka manta inda kake. Suna da gaskiya ɗaya: ga saba mai ƙaramar RAM, in layi ɗaya za ka gyara, ssh da nano sun fi, ba sa girka komai. Ni ma haka nake yi yanzu. Amma na ga wanda ya buɗe baƙin allo biyu ya yi rm a wanda bai nufa ba. Matsalar rashin sanin inda kake ce, kowace taga kake amfani da ita.

18/ Don haka tambayoyi uku nake yi wa kaina duk lokacin da abu ya lalace. Fayil ɗin a wace kwamfuta yake? Shirin da ke aiki RAM ɗin wa yake ci? Localhost ɗin da nake magana a kai na wace ce? Sau da yawa kafin in gama amsawa na gano ɓarnar.

19/ Mun nuna aikin washegari, shafin ya buɗe, Alhamdulillah. Malam bai san abin da ya faru da dare ba. Ni dai na sa wa tagar sabar jar kala ta ɓangaren Remote na Settings, ta laftof na bar ta shuɗiya, don idona ya gaya min kafin hannuna ya yi ɓarna. In kana da taga a buɗe yanzu, rubuta hostname ka faɗa mana abin da ya fito.