Waya a biya mako-mako ko a tara a saya: nawa ne kuɗin jira?

Duk wadda ta leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko shagunan waya na garinsu, ta san maganar da ake tarar mutum da ita yanzu: "Hajiya ba sai kin biya duka ba, ki ba da kafin alƙalami ki tafi da wayarki yau." Maganar tana da daɗin ji, musamman idan wayar hannunki sai an ɗaure ta da kyauro take kama caji. Wasu na cewa cuta ce tsagwaronta, wasu na cewa rufin asiri ne. Ni dai ina ganin ba za a yanke hukunci ba sai an ɗauko biro da takarda.

Bari mu yi misali da lissafi mai sauƙi, ke kuma sai ki sa alƙaluman da aka ba ki a shago. A ce waya kuɗi hannu N120,000 ce. A tsarin biya kaɗan-kaɗan an ce ki ajiye N30,000, sannan ki riƙa biyan N5,000 duk mako har mako 26, wato wata shida. Biyan mako-makon ya kama N130,000, a haɗa da kafin alƙalami ya zama N160,000. Ƙarin da ke kai N40,000 ke nan. Mai shago ba kasafai yake faɗa miki wannan jimillar ba, dubu biyar ɗin yake ta nanatawa saboda ita ce mai sauƙin haɗiya.

Ga inda mata da yawa suke tsallakewa. Idan kina da waccan N30,000 a hannu, kuma da gaske kina iya fitar da N5,000 duk mako, to abin da ya rage miki ki saya lakadan N90,000 ne. Wannan mako 18 ne na tari, wata huɗu da 'yan kwanaki. Ashe dubu arba'in ɗin da za ki ƙara, abin da take saya miki shi ne riƙe waya na mako 18 kafin lokacinta. Raba 40,000 gida 18, za ki ga kusan N2,200 a mako, wajen N320 a rana. Kamar haya ce kike biya. Tambayar da ta rage ita ce ko rashin wayar yana jawo miki asarar da ta fi haka.

Ɗauki uwargidan da ke sayar da turaren wuta da humra daga cikin gida. Shagonta shi ne hotunan da take ɗorawa a WhatsApp, ta nan ake yin oda, ta nan take ganin shigowar kuɗi kafin ta ba ɗan aike kaya. A ce ribarta ta wannan hanya N6,000 ce a mako, sai wayar ta mutu murus. Idan ta ce za ta jira, asarar mako 18 ta kai N108,000, ban da kwastomomin da za su koma wajen wata su saba da ita. Abin da ya fi wannan ma, dubu biyar ɗin da za ta riƙa tarawa daga ina za ta fito, tunda hanyar samun ta toshe? A wajen irin wannan mata jira ya fi bashin tsada nesa ba kusa ba, kuma ba zan ga laifinta ba idan ta karɓa.

Amma wadda wayarta ke aiki, gilashi ne kawai ya tsage ko hotonta bai kai na ƙawaye kyau ba, ita jira bai rage ta da komai ba sai haƙuri. Dubu arba'in kuwa a gidan da ke da yara 'yan makaranta ba abin yarwa ba ce.

Za a ce ai kaya tashi suke yi, kafin ki gama tari wayar ta ƙara kuɗi. Wannan gaskiya ne, kuma mun ɗanɗana. Wayoyin nan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. A watan Mayun 2023 dala tana wajen N460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen N1,500, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wadda ta tara kuɗi a wancan lokaci ta ga yadda farashi ke gudu tana bin sa. Sai dai a auna. Idan wayar misalinmu ta tashi da kashi goma cikin ɗari, N12,000 ce ta ƙaru, tarin mako uku ya rufe ta. Kafin tashin farashi ya cinye dubu arba'in sai wayar ta ƙara kashi ɗaya bisa uku na kuɗinta cikin wata huɗu, kuma wannan sai a shekarar da Naira ta yi mummunar faɗuwa.

Babban abokin gabar tari yana cikin gida. Kuɗin da ke asusu kowa yana da haƙƙi a kansa: anko ya fito, yaro ya kwanta zazzaɓi, maigida ya ce a ranta masa zuwa ƙarshen wata. Mako 18 sai ya zama shekara. Shi ya sa adashi ya fi asusu a nan, don zubi dole ne. Mutum 18 masu zubin N5,000 a mako, kwasa ɗaya N90,000 ce cif. Idan uwar adashi ta ba ki kwasa ta biyar ko ta shida, kin sami waya cikin wata ɗaya da rabi ba tare da ƙarin dubu arba'in ba, sai ɗan abin da aka saba ba ta.

Wadda lissafinta ya nuna ta karɓi bashin, ta san cewa yawancin waɗannan wayoyi akwai manhajar kulle a cikinsu. Ranar biya ta wuce ba ki biya ba, wayar ta rufe, cinikin da kika ci bashin dominsa ya tsaya cak a daidai makon da kike cikin matsi. Don haka kada ki auna biyan da makon da kasuwa ta yi kyau, ki auna shi da makon da ya fi kowanne rashin ciniki. Kafin ki sa hannu ki sa a rubuta miki jimillar kuɗin gaba ɗaya, ki tambayi abin da zai faru idan an sace wayar ko ta faɗa ruwa, domin sau da yawa bashin yana nan ko babu waya. Ki tambaya kuma ko ana rage miki wani abu idan kin biya da wuri.

Akwai ɓangaren addini da na san zai zo ran wasu. Mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na kuɗi hannu, matuƙar an tsayar da farashi ɗaya tun lokacin ciniki. Inda matsala take shi ne tarar da ake ɗorawa idan an makara, ko kuma idan wani kamfani ne ya ranta miki kuɗin da ruwa ya biya mai shago. Ki nemi a fayyace miki wanne ne a ciki, ki kai wa malamin da kika yarda da shi takardar.

Idan kuma kin zaɓi 'yar hannu mai araha don ki lallaɓa kafin tarinki ya cika, ki yi hattara da wayar da aka karyar da kuɗinta fiye da kima. Akwai masu karɓo ta bashi su sayar, bayan kwana biyu ta kulle a hannunki. Ki nemi rasit da kwalinta, ki danna `*#06#` ki ga ko lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwalin, sannan mai shago ya rubuta miki a rasit cewa babu bashi a kanta.