Waƙafi ɗaya na iya cinye buhu 20: Gyaran da takardun hayar fadamar Haɗejia ke buƙata

Duk wanda ya san fadamar Haɗejia ya san cewa noma a can ciniki ne da kogi. Daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, ruwan da ke raya shinkafa shi ne kuma ke cinye ta, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022. Shi ya sa mai hankali ba ya karɓar hayar gona ko bashin taki sai an ambaci abin da za a yi idan ruwa ya ci amfanin. A da, baki da shaidu ne ke riƙe wannan alƙawari. Yanzu takarda ta fara karɓar aikin, kuma takarda na da nata tarkon: sharaɗin ambaliya yana nan a rubuce, amma ba a san abin da ya rufe ba.

A ɗauki misalin wata jimla irin wadda za a iya bugawa a kowane shagon kwamfuta: “Mai haya zai biya buhu 20 na shanshera, da naira 60,000 kuɗin yashe magudanar ruwa in dai ambaliya ba ta ci gonar ba.”

Sai ruwa ya zo a watan Satumba ya shafe gonar. Manomi zai ce babu abin da ake bin sa, domin “in dai” ta rufe shinkafar da kuɗin baki ɗaya. Mai gona kuwa zai nuna waƙafin da ke bayan “shanshera”, ya ce wannan ɗigon ya yanke maganar gida biyu: buhu 20 bashi ne tsayayye, kuɗin yashe magudana kaɗai aka rataya wa sharaɗi. Da an ƙara waƙafi na biyu kafin “in dai”, da hujjar manomi ta fi ƙarfi. Babu maƙaryaci a cikinsu. Jimlar ce ke da fuska biyu, kuma tsakanin fuskokin akwai buhu 20.

Wannan ba rigimar ƙauye ba ce kawai. A ƙasar Kanada, kamfanin sadarwa na Rogers ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Aliant a 2002 kan amfani da turakun da ake rataya wayoyi. Jimlar ta ce yarjejeniyar za ta yi shekara biyar, sannan ta riƙa sabuntawa shekara biyar-biyar, sai dai idan wani ɓangare ya ba da sanarwar shekara guda. Rogers ya fahimci cewa shekaru biyar na farko ba sa taɓuwa. Aliant ya ce waƙafin da ke gaban “sai dai” ya ba shi damar fita ko a cikin shekarun farkon. A 2006 hukumar kula da sadarwa ta ƙasar ta bai wa Aliant gaskiya bisa wannan waƙafi. A 2007 ta sauya matsaya, bayan ta duba kwafin Faransanci na yarjejeniyar, wanda kalmominsa suka fito da nufin fili. Abin lura shi ne, kalmomi ne suka raba gardamar da waƙafi ya haddasa.

A fadamar Haɗejia akwai ƙarin dalilin ƙin dogara da waƙafi: ba a jin sa. Manoma da yawa karanta musu takarda ake yi kafin su dangwala yatsa. Mai karatu na iya numfasawa inda babu waƙafi, ya kuma zarce inda yake. Idan an je babbar kotu kuwa, sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baka don sauya abin da aka rubuta, in ban da wasu keɓantattun yanayi. Don haka “ai ba haka muka yi da shi ba” ba kasafai take fisshe mutum ba.

Tarko na biyu shi ne bayanin da ya zauna ba a gurbinsa ba. Misali: “Dillali zai biya kuɗin shinkafar da aka kai rumbunsa cikin kwana bakwai.” Mene ne zai faru cikin kwana bakwai, biyan ko kaiwar? Manomi na jiran kuɗinsa cikin mako guda. Dillali kuwa na iya cewa bai yi alƙawarin ranar biya ba, iyaka ya ce shinkafar da ta iso a makon farko ita zai saya. “Cikin kwana bakwai” ta manne wa “kai” saboda ita ce kusa da ita, alhali mai yiwuwa “biya” aka nufa.

Hanyar gano irin wannan ba ta da wuya. A nemi kalmomi irin su “in dai”, “sai dai”, “kawai”, “wanda”, da duk wani wa’adi ko sunan wuri. A kan kowanne a yi tambaya: wane aiki ko wane kaya yake bayani a kai? Idan amsa biyu suka fito, kuma kowacce na da ma’ana, jimlar na da ciwo.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen magani. Mai buga takarda ko ɗan boko na gida ya ga jimla ta karkace, sai ya matsar da waƙafi da nufin gyaran nahawu. Amma jimla mai fuska biyu ba ta gyaruwa sai an zaɓi fuska ɗaya, kuma wanda ya zaɓa ya yanke hukunci a kan dukiyar wasu. Wannan ba hurumin marubuci ba ne. Aikinsa ya rubuta ma’anonin biyu dabam-dabam, ya karanta wa ɓangarorin a gaban shaidu, ya tambaye su wacce suka shirya a kai.

Idan sun ce ambaliya ta yafe komai, sai a fasa jimlar: “Mai haya zai biya abu biyu. Na ɗaya, buhu 20 na shanshera. Na biyu, naira 60,000 kuɗin yashe magudanar ruwa. Idan ambaliya ta ci gonar, ba zai biya ko ɗaya daga cikin biyun ba.” Idan kuma kuɗin kaɗai aka yafe, jimlar ƙarshe ta zama: “Idan ambaliya ta ci gonar, an yafe na biyu, amma na ɗaya yana nan.” Ta dillali ma haka: “Dillali zai biya kuɗin cikin kwana bakwai daga ranar da aka kai shinkafar rumbunsa.” An dawo da wa’adin kusa da “biya”, an kuma faɗi ranar fara ƙirga, wadda ita ma sai ɓangarorin sun amince da ita.

Daga nan sai a gwada gyaran ta hanya biyu. Da farko a goge duk waƙafan da ke ciki a karanta da ƙarfi. Idan ma’anar ba ta motsa ba, an dace. Sannan a jera tsohuwar jimla da sabuwa, a duba wanda zai biya, abin da zai biya, adadi da wa’adi. Kada wani sabon abu ya shigo ta bayan gida. Mai gyara da ya rubuta “ta ci gonar duka” a maimakon “ta ci gonar” ya canza cinikin, domin manomin da ruwa ya bar masa kwata na gonarsa ya rasa kariya ke nan.

Wasu za su ce wannan tsawaita takarda ne, kuma tsakanin maƙwabta amana ta isa. Gaskiya ne jimla ɗaya ta koma huɗu. Amma rigakafi ya fi magani, kuma amana ba ta hana mutum biyu masu gaskiya fahimtar magana daban, balle idan magada ne suka zo karanta takardar. Idan an riga an sa hannu, kada kowa ya taɓa ta da biro shi kaɗai. A rubuta ƙarin bayani, ɓangarorin biyu su sa hannu da kwanan wata. Idan akwai kwafin Turanci da na Hausa, a faɗi wanda za a bi in sun saɓa.

Lokacin wannan aiki shi ne kafin shuka, sa’ad da babu wanda ya san ko kogi zai cika. Bayan ruwa ya kwanta a gona, kowa ya riga ya san fuskar da ta fi masa.