Zauren Ɗalibai: Wane Suna Ake Rubutawa a Wane Gurbi?

A wannan makon za mu tsaya ne a kan layin farko na kowane fom, wato wurin rubuta suna. Duk wanda ya kai aji uku na babbar sakandare zai cike fom ɗin WAEC ko NECO, mai niyyar shiga jami'a kuma ga na JAMB yana jiran sa. Kafin a tambaye ka darussan da za ka rubuta, sai an fara tambayar ka suna, kuma da Turanci ake tambayar: Surname, First Name, Middle Name. A wani fom ɗin kuma ka ga Given Names ko Other Names. A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, ga shi kuma abin da ka rubuta ranar shi za a buga a takardar shaidar da za ka riƙe har tsufanka.

Dalilin rikicewar ba rashin ilimi ba ne. An tsara waɗannan gurabe ne bisa al'adar Turawa, inda kowane gida yake da suna guda da ake gado: kaka, uba, 'ya'ya da jikoki duk da shi ake kiran su. Mu kuwa a ƙasar Hausa ba haka muka saba ba. Ana raɗa wa yaro sunan yanka ranar bakwai, idan ana son bambanta shi da takwaransa sai a haɗa da sunan mahaifinsa. Wasu su ƙara da sunan kaka, wasu kuma sunan gari, kamar yadda muke ji a sunayen Malam Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari. Kano, Tafawa Ɓalewa da Shagari duk garuruwa ne. Saboda haka aikinmu shi ne mu ɗauki sunayenmu na gida mu zuba su cikin guraben da ba don su aka yi ba, kuma mu zuba su iri ɗaya a ko'ina.

Mu fara da First Name. Wannan shi ne sunanka na kanka, wanda aka raɗa maka: Hauwa, Usman, Bilkisu, Yakubu. Ba na mahaifinka ba ne, ba kuma laƙabin da ake kiran ka da shi a gida ba. Idan sunan yankanka Abubakar ne amma kowa Abba yake ce maka saboda sunan kakanka aka mayar, Abubakar za ka rubuta, sai dai idan Abba ne aka sa a takardunka tun farko. Given Name kuma ma'anarsa sunan da aka ba ka, don haka shi da First Name abu ɗaya ne. Fom ɗaya yakan yi amfani da ɗayansu ne kawai.

Sai Surname, wanda wasu fom-fom suke kira Last Name ko Family Name. Duka ukun gurbi ɗaya suke nufi: sunan da ya haɗa ka da gidanku. A wajenmu yawanci sunan mahaifi ne, ko na kaka, ko na garin da iyalin suka ɗauka. Hanya mai sauƙi ta gane shi ita ce ka faɗi cikakken sunanka kamar yadda ake kiran ka a taro, na ƙarshen da ya fito daga bakinka shi ne Surname.

Middle Name shi ne wanda ya zauna tsakanin waɗannan biyun. Other Names ma galibi shi ake nufi, wato duk sunan da ya rage bayan an cire na farko da na ƙarshe. Ba kowa ne yake da shi ba, kuma rashin sa ba laifi ba ne.

Bari mu gwada da misali. A ce akwai wata ɗaliba, sunan yankanta Hauwa, mahaifinta Musa, kakanta Ibrahim, kuma a takardar haihuwarta an rubuta Hauwa Musa Ibrahim. Ga yadda za ta cike fom:

Surname: IBRAHIM
First Name: HAUWA
Middle Name: MUSA

Ku lura, gurbin Surname ne ya zo a sama, ko da yake shi ne na ƙarshe a baki. Fom-fom da yawa haka suke farawa. Ɗalibar da ba ta karanta kan gurbin ba za ta rubuta Hauwa a layin farko kamar yadda ta saba a littafin aji, ta bi da Musa, ta ƙare da Ibrahim. Shi ke nan, a wajen na'ura ta zama wani mutum mai suna Musa, sunan gidansu Hauwa. Na'ura ba ta san cewa Hauwa sunan mace ba ne, abin da aka zuba mata shi take riƙewa.

Idan wannan ɗalibar ta je neman fasfo, gurabe biyu ne za su fito a littafin, Surname da Given Names. Ku ga harafin s da ke ƙarshen Names, yana nuna jam'i. A nan ana haɗa sunan farko da na tsakiya wuri ɗaya, don haka za a ga Surname: IBRAHIM, Given Names: HAUWA MUSA.

To, idan a takardunta sunaye biyu ne kawai, Hauwa Musa, sai lissafin ya sauya. Musa ya koma Surname, Hauwa ta zauna a First Name, gurbin Middle Name kuma a bar shi fanko. Kada ta ce bari in cike shi da Kulu ko Jidda don haka ake kiran ta a gida, kada kuma ta rubuta NIL ko ta ja layi, domin akwai na'urar da za ta ɗauka suna ne ta buga shi tare da sauran. Wannan ya nuna mana cewa sunan mahaifi ba shi da gurbi guda na dindindin. A wajen mai suna uku yakan zama na tsakiya, a wajen mai suna biyu kuma shi ne na ƙarshe.

Maza su suka fi shiga wannan tarko, saboda sunayenmu na maza kowanne zai iya zama a kowane gurbi. Musa Ibrahim da Ibrahim Musa duka sunaye ne da suka yi daidai a kunne, shi ya sa idan aka juya su ba wanda yake lura. A jerin sunayen makaranta sau da yawa za ka ga an rubuta IBRAHIM, Musa. Waƙafin nan da manyan haruffan suna gaya maka cewa an gabatar da Surname ne, mai sunan kuwa Musa ne ɗan Ibrahim.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowacce nauyi: da wace takarda za ka yi koyi? Tun shekarar 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN, mai alƙaluma 11, ga duk mai son yin rajista, kuma daga rumbun hukumar NIMC take ɗauko sunan ɗalibi. Ma'aikacin cibiyar rajista ba shi ne zai sauya maka abin da ya fito ba. Takardar NIN ɗinka kuma tana nuna gurabe uku a fili: Surname, First Name, Middle Name. Don haka kafin ka miƙa sunanka ga malamin da ke tattara bayanan WAEC ko NECO, ɗauko takardar NIN ka kwafa gurbi da gurbi. Idan kuwa na NIN ɗin ne ya saɓa da takardar haihuwarka, ka shaida wa mahaifinka ko wanda yake riƙe da kai tun da wuri, a je a gyara a wajen NIMC kafin lokacin rajista ya matso.

Bayan tsarin gurabe, sai rubutun kansa. Muhammad, Mohammed da Muhammed a baki suna ɗaya ne, amma a takarda sunaye uku ne. Haka Aisha da Aishatu, ko Abdurrahman da Abdulrahman. Babu wanda ya fi wani zama daidai a wajen hukuma, daidai shi ne wanda yake cikin takardarka ta asali. Kada ka gajarta, wato kada Muhammad ya koma Moh'd, kada Musa ya koma M. Kada ka saka Alhaji, Malam ko Hajiya a gaban sunan mahaifi, domin waɗannan na girmamawa ne, ba sa cikin suna. Masu suna mai goyo kamar Abubakar Sadik ko Fatima Zahra su duba da kyau su ga ko an haɗa su ne a First Name ko an kai na biyun Middle Name, su bi yadda aka yi. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma, ɗ da ƙ da ɓ, yawancin na'urorin rajista ba su karɓar su, shi ya sa Ɗanladi yake fitowa DANLADI. Idan fom ɗin takarda ne mai ƙananan akwatuna, a yi amfani da manyan haruffa, harafi ɗaya a akwati ɗaya.

Yaya za ka gane an yi kuskure? Bayan an shigar da bayananka, ka roƙi a nuna maka allon ko a buga maka takardar kafin a tura. Ɗora ta kusa da takardar NIN, ka bi da yatsa harafi bayan harafi. Idan a takardar jarrabawa ka ga Ibrahim Hauwa Musa a layi ɗaya, kada hankalinka ya tashi, an gabatar da Surname ne kawai. Amma idan ka ga Musa Hauwa Ibrahim, to an musanya na tsakiya da na ƙarshe, ka yi magana nan take cikin ladabi: "Malam, don Allah a duba, Ibrahim ne ya kamata ya zo a Surname." Gyara a wannan lokacin minti ɗaya ne. Bayan an buga takardar shaida kuwa, sai an cike takardun neman gyara, an biya kuɗi, sau da yawa har da takardar rantsuwa daga kotu, kuma kuskuren yakan fito fili ne a ranar tantance takardu a jami'a, lokacin da ba ka da sararin jira.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya tattaro takardar haihuwa, takardar kammala firamare, sakamakon ƙaramar sakandare da takardar NIN. Ka ja layi uku a bayan littafinka, ka rubuta Surname, First Name da Middle Name, sannan ka cike abin da kowace takarda ta ce a ƙarƙashinsu. Idan duk sun zo ɗaya, ka haddace wannan tsari, shi ne sunanka a wajen hukuma. Idan wata ta bambanta, ka kai wa iyayenka da malamin ajinku tun yau.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.