Raddi ga masu cewa tari ne ke kisa, ba ƙanjamau ba

Akwai wata magana da ke yawo a majalisun manoman rani daga Kura zuwa Bunkure, wai ƙanjamau suna ne kawai da likitoci suka laƙaba wa tsofaffin cututtuka. Maganar ba a nan aka ƙirƙiro ta ba. Wani masani a Amurka, Peter Duesberg, ya fito da irinta a 1987, Shugaba Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu ya saurare shi, aka yi ta jan ƙafa wajen raba magani, har masu bincike na Jami'ar Harvard suka ƙiyasta rayuka sama da 330,000 da aka rasa tsakanin 2000 da 2005. Saboda haka ba zan bar ta ta wuce ba amsa ba.

Hujjarsu ta farko: "Wane tarin fuka ne ya kashe shi, wance kuma gudawa. Ai mun san waɗannan tun kaka da kakanni." Gaskiya ne an san su. Abin tambaya shi ne, me ya sa mutum goma za su sha ruwan kwata ɗaya ta ban-ruwa, tara su yi zawo na 'yan kwanaki su miƙe, ɗaya kuma ya yi wata uku yana zubewa?

Amsar tana cikin jini. Daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da takardar gwaji ke kira CD4. Aikinsu ba da umarni ne. Su ke gane baƙuwar cuta, su zaburar da ƙwayoyin da ke haɗa makarin cuta, su kuma tayar da masu haɗiye ƙwayar tarin fuka su narkar da ita. Ƙwayar ƙanjamau tana da wani ƙulli a bayanta da ke kama CD4 daidai wa daida. Idan ta shiga, sai ta kwafi bayanan halittarta ta dasa su cikin na mai masaukin, ƙwayar jinin ta koma ƙera sababbin ƙwayoyin cuta har ta mutu. Wasu garkuwar jiki ce da kanta ke kashe su don ta gane sun kamu. Da yawa kuma, musamman a kaluluwa, suna hallaka kansu tun shigar ba ta kammala ba, kumburin da suka bari ya jawo wasu su zo su faɗa.

Hujja ta biyu ta fi ruɗar mutane: "Ga wane an ce yana da ita shekara shida, amma shi ke ɗora buhun shinkafa a mota." Dubi Madatsar Tiga: muddin ruwan da ke shiga ya kusa kai wanda ake saki, ba ka ganin raguwa sai an daɗe. Binciken David Ho da abokan aikinsa a 1995 ya nuna cewa a shekarun da mutum ke ganin lafiyarsa ƙalau, kullum ana kashe ɗimbin CD4, jiki yana mayar da gurbinsu, amma ba ya cike giɓin duka.

A ɗauka manomi ne mai CD4 900 a kowace mikrolita ta jini, lafiyayye kuwa yana tsakanin 500 da 1,500. Ya kamu, bai sani ba. Makonnin farko ya yi zazzaɓi ya ɗauka na sauro ne, alhali a lokacin ne aka yi wa CD4 na bangon hanjinsa mummunar ɓarna. Lissafin ya ɗan farfaɗo zuwa 700, sannan ya riƙa sauka da kamar 60 duk shekara. A shekara ta shida yana kusa da 350, ƙwayar tarin fukar da ta daɗe a kwance cikin huhunsa ta samu sarari. Farar fumfuna ta fito masa a harshe. Ƙasa da 200 sai wani ciwon huhu da ba ya kama mai cikakkiyar garkuwa. Ƙasa da 100 sai sanƙarau na fumfuna, mai farawa da ciwon kai na makonni. Da a ce talauci ne ko maganin feshi ke jawo su, me zai sa cututtukan su riƙa bin wannan lissafi a Kano da Faris da Johannesburg?

Ta uku kuwa, wai "an ba shi maganin tari ya warke, ina ƙanjamau ɗin?" Maganin tari na wata shida ƙwayar tari yake kashewa, bai taɓa abin da ya buɗe mata ƙofa ba. Shi ya sa ake yi wa duk mai tarin fuka gwajin ƙanjamau, a Asibitin Malam Aminu Kano da sauran cibiyoyi. Wanda aka samu da ita ana ɗora shi kan maganin sha kullum, wanda ke toshe kwafin da dasawar, a haɗa masa da Seftirin don kare huhu da hanji. Cikin kamar wata shida gwaji yakan daina ganin ƙwayar cutar a jini, CD4 ta fara hawa. Amma abin da aka riga aka dasa yana nan kwance cikin wasu ƙwayoyin, kuma idan aka ajiye magani, cikin 'yan makonni cutar kan dawo jini.