Harafin aro da sharaɗin da ke tafe da shi

Akwai wata tambaya da ta saba fitowa a babin lambobin sama na lissafin sakandare, irin wadda mai shirin WAEC ko NECO zai yi wuya ya kauce mata. Ga misalinta:

9ˣ − 2·3ˣ⁺¹ − 27 = 0

Abin da ke firgita ɗalibi a nan shi ne x ta hau sama, inda tarawa da ɗebewa ba sa kai mata hannu. Maganin da ake koyarwa sananne ne: a ari wani harafi, a ce y = 3ˣ, sai ikweshan ɗin ya rikiɗe ya zama kuwadiratik. Maganin daidai ne. Ƙorafina yana kan yadda ake yawan miƙa shi kamar laƙani, a haddace a rera, alhali harafin da aka aro yana tafe da sharaɗi, kuma a ganina wannan sharaɗi ya kamata a rubuta shi a layi ɗaya da aron, tun kafin a taɓa komai.

Da farko, me ya sa aron yake aiki? Tara ita ce 3 sau 3, saboda haka 9ˣ daidai take da 3ˣ sau 3ˣ, wato (3ˣ)². Ita kuwa 3ˣ⁺¹ tana nufin an jera uku-uku har guda x ana ninkawa, sannan aka ƙara ninkawa da 3 sau ɗaya, wato 3 sau 3ˣ. Da ido ya ga haka, zai lura cewa abu guda ne ke ta maimaituwa: ga shi an ninka shi da kansa, ga shi shi kaɗai, ga kuma lamba tsura a ƙarshe. Kuwadiratik ɗin tana nan tun asali, harafin y suna kawai ya raɗa wa abin da ke maimaituwa:

y² − 6y − 27 = 0

A wannan mataki ne ake yawan yin tuntuɓen farko, inda ake mayar da 3ˣ⁺¹ ta zama y + 1. Gwaji ɗaya ya isa ya tona kuskuren. Idan x ta zama 2, to 3ˣ⁺¹ ita ce 27, y kuma 9 ce. 3y ta ba da 27, y + 1 kuwa 10. Tarawa a sama ninkawa ce a ƙasa.

Warware kuwadiratik ɗin ba wuya: (y − 9)(y + 3) = 0, don haka y ko dai 9 ce ko −3. Sai dai ba y aka tambaye mu ba, dole a mayar da kayan aro. Daga 3ˣ = 9 mun sami x = 2, kuma idan aka mayar da ita cikin tambayar asali za a ga 81 − 54 − 27 ya ba da sifili. Daga 3ˣ = −3 kuwa babu abin da zai fito. Ko yaya aka juya x, 3ˣ ba ta sauka zuwa sifili, balle ta gangara ƙasa da shi. Idan x ta yi ƙasa, lambar ƙanƙancewa kawai take yi: 1/3, 1/9, 1/27, tana kusantar sifili ba ta isa gare shi. Wanda ya rubuta x = −1 a nan ya rikita −3 da 1/3. (Masu ilimin injiniyan lantarki za su ce a duniyar lambobin kwamfiles akwai amsa. Gaskiyarsu, amma tambayar a kan lambobi na haƙiƙa aka yi ta.)

Ga inda nake saɓawa da salon haddar. Ƙa'idar da ɗalibai da dama ke fita da ita daga aji ita ce “a jefar da mai alamar ɗebewa”. Ta yi aiki a misalin da ya gabata, amma a duba wannan:

2·4ˣ − 5·2ˣ + 2 = 0

Da y = 2ˣ, mun sami 2y² − 5y + 2 = 0, wato (2y − 1)(y − 2) = 0. Saboda haka y ko 2 ce ko 1/2, kuma dukansu suna sama da sifili. Ta farko ta ba da x = 1, ta biyu ta ba da x = −1. Wannan −1 halastacciyar amsa ce: 2 sau 1/4 rabi ne, 5 sau 1/2 biyu da rabi ne, kuma rabi a ɗebe biyu da rabi a tara biyu ya ba da sifili. Mai haddar ƙa'ida zai soke ta da hannunsa, ya yi asarar rabin amsarsa. Sharaɗin a kan y yake, x kuwa tana da 'yancin zuwa ko'ina. Wanda ya rubuta “y = 2ˣ, y > 0” tun a layin farko ya san wane harafi takunkumin ya shafa.

Za a iya cewa a zauren jarrabawa lokaci ƙalilan ne, hadda kuma ta fi sauri. Ban raina wannan hujja ba, domin malamin da ke gaban aji mai cunkoso yana da uzurin neman gajeriyar hanya. Amma sharaɗin shi ma yana rage aiki. A misalin farko, lambar ƙarshe −27 ita ce abin da ake samu idan aka ninka amsoshin y biyu, kuma tunda tana ƙasa da sifili, dole ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa. Ke nan tun kafin a warware an san x ɗaya tak za ta tsira. Haka nan, wanda aka ba 4ˣ + 5·2ˣ + 6 = 0 ba ya buƙatar alƙalami: abubuwa uku ne aka tara, kowanne yana sama da sifili, ba yadda za a yi jimillarsu ta zama sifili. Mai bin hadda zai wahala ya fito da −2 da −3, sannan ya tsaya yana zargin kansa.

Akwai wani abin sha'awa a tarihi. Al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, amsoshin da ke sama da sifili kaɗai yake karɓa. A shahararren misalinsa, wanda a rubutun yau yake x² + 10x = 39, ya tsaya a kan 3, bai kawo −13 ba. Shi ya bar ta ne domin lissafin zamaninsa bai ba irin wannan lamba gurbi a matsayin amsa ba. Mu kuwa mun karɓi −13 a can, muka ƙi −3 a nan, kuma dole ɗalibi ya iya faɗin dalilin bambancin.

Dabarar tana da iyaka. Tana buƙatar a iya rubuta ɗaya gindin a matsayin ɗayan da aka ninka da kansa, kamar 9 da 3, ko 4 da 2, ko 25 da 5. A cikin 4ˣ + 3ˣ = 25 babu wannan dangantaka, don haka babu harafin da zai haifar da kuwadiratik. Amsar x = 2 ce, domin 16 da 9 sun ba da 25, kuma ita kaɗai ce, tunda ɓangaren hagu ƙaruwa yake yi kullum yayin da x ke ƙaruwa, ba zai ratsa 25 sau biyu ba.