Sallama kawai, sai shiru: me mai saƙon ke jira?

Kusan duk mai WhatsApp ya san wannan saƙon. Mutum ne da kuka daɗe ba ku ji juna ba, sai ga "Assalamu alaikum" ko "Barka da warhaka", daga nan shiru. Bai ce ga abin da ke tafe da shi ba. Da yawa na ɗaukar haka ɓata lokaci. A ganina mai saƙon tsaye yake a ƙofar gida, yana jiran a ce masa ya shigo.

A gidan Bahaushe baƙo namiji ba ya wuce zaure. Yaro yake aikawa ya ce ana sallama da maigida, kuma ba ya gaya wa yaron abin da ya kawo shi. Sai maigida ya fito, an shimfiɗa tabarma, an tambayi gajiya da iyali da aiki, sannan magana ta biyo baya. A cikin wannan doguwar gaisuwa baƙon karatu yake yi. Idan ya ga fuska a ɗaure, ko ya ji an ce uwargida na asibiti, sai ya haɗiye buƙatarsa ya ce, "Dama wucewa nake na ce bari in gaishe ka." Shi bai roƙa an hana shi ba, maigida kuma bai hana kowa komai ba. Kowa ya tashi da mutuncinsa.

Wannan ƙofar fita ce mai aiko da sallama zalla yake nema a waya. Tun da ba ya ganin fuskarka, sai ya karanci amsarka. Ya kuma san amsa sallama wajibi ne, don haka da wuya ka share shi.

Mu ɗauki misali. Abokin karatunka na sakandare, shekara 3 rabon da ku yi magana, ya aiko da sallama ƙarfe 10 na dare ranar 28 ga wata. Idan ka amsa cikin minti 5 da "Wa'alaikumus salam, mutumina, kwana da yawa!", ya ga fuska a sake. Zai tambayi iyali, ya tambayi aiki, sai ka ga waya na nuna yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Abin da zai biyo baya kusan kullum da kalma ɗaya yake farawa: "Dama..." Dama wata 'yar matsala ce ta taso, dama kuɗin makarantar yara ne, dama na ji ana ɗaukar aiki a wajenku. Idan kuwa sai washegari da yamma ka amsa da "Wslm" kawai, zai ce gaisuwa ce, ya yi maka fatan alheri, ba za ka taɓa sanin abin da ya hana shi barci ba.

Ba kowace gaisuwa ce ke ɗauke da roƙo ba. Ƙanwar mahaifiyarka da ke aiko da "Barka da Juma'a" duk mako zumunci take yi. Abin dubawa shi ne tsawon shirun da ya gabata, da kuma wa ke sama da wa. Idan shirun ya yi tsawo, kuma mai saƙon na ganin ka fi shi hali, to yawanci akwai magana, kuma nauyinta ne ya sa ya kasa faɗa kai tsaye. Mai neman lambar makaniki ba ya wannan kewaye-kewayen.

Sai dai waya ba zaure ba ce. A zaure minti 10 sun isa a gaisa a shiga magana. A waya kana iya amsawa bayan awa 6, shi kuma ya gani bayan wasu 4, alhali wataƙila maganin mara lafiya ake son saya. Ga kuma 'yan damfara da suka gane al'adar. Idan sun ƙwace WhatsApp ɗin wani da ka sani, sukan fara da gaisuwa, kana amsawa su nemi rance na gaggawa, ko su ce ka turo musu lambobi 6 da suka shigo wayarka. Waɗannan lambobin su ne mabuɗin naka WhatsApp ɗin. A nan kira ɗaya ya isa: ka ji muryarsa kafin ka tura komai.

Saboda haka ina ganin idan abin na gaggawa ne ko na aiki, mai nema ya haɗa gaisuwa da buƙata a saƙo ɗaya. Sallama a sama, magana a ƙasa, ladabi bai ragu ba. Amma ba zan ɗora wa mai jin kunya laifin kasa yin haka ba. Aikin ya fi sauƙi a wajen wanda aka gaisar. Ka amsa sallamar cikakkiya, ka ƙara da, "Lafiya dai ko? In da wani abu faɗa mini." In akwai, zai faɗa. In kuma ba ka da halin yi, gara ka gaya masa a daren, ya samu ya nemi wani kafin gari ya waye.