Ka karanto ta biyar, ina ta huɗu da ta shida?

Mutanen da suka fi kowa jawo aya ta biyar ta Suratut Tauba iri biyu ne, kuma ko ga maciji ba sa yi da juna. Akwai mai bindiga da ke neman halasta jinin da ya riga ya ƙudurta zubarwa, akwai kuma mai ƙin Musulunci da ke son nuna wa duniya cewa Alƙur'ani littafin kisa ne. Duk da gabar da ke tsakaninsu, aikinsu ɗaya: su ɗauko rabin farko na ayar, inda aka yi umarni da yaƙar mushirikai da kamunsu da tsare su bayan cikar wa'adi, su ja bakinsu su yi shiru a nan. Da su nake, da kuma ɗan uwanmu mai tura guntun wa'azi a waya ba tare da ya buɗe Mus'hafi ya duba abin da ke sama da abin da ke ƙasa ba. Wannan ha'inci ne, kuma kyakkyawar niyya ba ta mayar da shi amana.

Ayar da malamai ke kira ayar takobi ba ta sauka ita kaɗai ba. Tana cikin wata sanarwa guda da ta buɗe surar. A shekara ta 9 bayan hijira, bayan dawowa daga Tabuka, Annabi (SAW) ya naɗa Sayyidina Abubakar ya jagoranci aikin hajji, sannan ya aika Sayyidina Aliyu ya bi bayansa domin ya shelanta ayoyin farkon surar ga mahajjata ranar layya a Mina. Waɗanda suka saurara a ranar sun ji maganar a jere, ba wanda aka tsinko wa aya ɗaya aka ce ya je da ita.

Ga yadda jerin yake. Aya ta ɗaya ta ambaci waɗanda ake magana a kansu, wato mushirikan da Musulmi suka ƙulla alkawari da su, ta kuma shelanta kuɓuta daga wannan alkawari. Aya ta biyu ta ba su wata huɗu su yi yawonsu a ƙasa cikin aminci. Ibn Kasir ya rinjayar da cewa watannin da aya ta biyar ta ce a jira su wuce su ne waɗannan huɗun, waɗanda a lissafin malamai da dama suka fara daga 10 ga Zulhajji zuwa 10 ga Rabi'ul Akhir, yayin da Ɗabari ya tafi a kan cewa watannin alfarma da aka sani ake nufi. Ko wanne ka bi, an yi sanarwa a bainar jama'a kuma an ba da wa'adi. Wanda ke dasa bam a tasha da sassafe, wa ya sanar, wata nawa ya bayar?

Sai aya ta huɗu, wadda ke manne da ta biyar ta sama. Ita ta fitar da wasu mushirikan daga hukuncin ƙarara: waɗanda ba su tauye komai daga alkawarinsu ba, ba su kuma taimaki kowa a kan Musulmi ba. Umarni aka yi a cika musu alkawarinsu har ƙarshen lokacinsa, aka kuma ɗaura hakan a kan taƙawa. Masu tafsiri irin su Bagawi sun ambaci Banu Damra, wani reshe na Kinana, cewa saura wata tara alkawarinsu ya ƙare, kuma an cika musu. Ka lura da kyau, waɗannan mutane suna nan a kan bautar gumakansu lokacin da aka ce kada a taɓa su. In da shirka kaɗai ce ke sa a sare mutum duk inda aka gan shi, babu sharaɗi babu togaciya, da wannan aya ba ta da gurbi a wurin.

Ita kanta ayar ta biyar ba a barinta ta kai ƙarshe. Rabinta na biyu ya ce a sakar wa wanda ya tuba ya tsai da salla ya ba da zakka hanya, ta kuma rufe da ambaton gafarar Allah da rahamarsa. Sanarwar da Usama bin Ladin da abokansa suka fitar a watan Fabrairu 1998 da wannan aya ta buɗe, kuma daidai kafin wannan rabin aka yanke ta. A nan gida mun ga inda irin wannan karatu ke kaiwa: ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 an kashe masallata fiye da ɗari a Babban Masallacin Kano. Mutanen da ayar ta ce a ƙyale ko da jiya suna riƙe da takobi, su aka bi har cikin sahu.

Aya ta shida ce ta fi tona asirin mai yankan. Ta ce in wani daga cikin mushirikan, waɗannan dai da aka shelanta yaƙi da su, ya nemi mafaka, a ba shi domin ya ji maganar Allah, daga nan a raka shi har inda zai samu aminci. Ba a ce sai ya musulunta ba. Ya saurara, ya ƙi, kuma duk da haka nauyin kai shi gida lafiya yana wuyan Musulmi. A kan wannan aya malaman fiƙihu suka gina babin amana, wanda ya kare manzon abokan gaba da baƙon da ya shigo ƙasar Musulmi da izini. Mutumin da ya karanta maka ta biyar ya rufe littafi bai kai ta shida ba, ko dai bai san tana nan ba, wanda hakan ya isa ya hana shi hawa mumbari, ko kuwa ya sani ya ɓoye, wanda ya fi muni.

Daga aya ta bakwai zuwa ta goma sha uku dalilai ne ake jerawa. An sake togace waɗanda aka yi alkawari da su a wajen Masallaci Mai Alfarma, aka ce muddin sun tsaya a kan gaskiya a tsaya musu. Su kuwa waɗanda za a yaƙa an siffanta su da cewa in suka samu galaba ba sa kiyaye zumunta ko alkawari, sun warware rantsuwoyinsu, sun yi niyyar fitar da Manzo, kuma su suka fara. Masu sauraro a Mina sun san irin wannan labari sarai. Sulhun Hudaibiyya an ƙulla shi a shekara ta 6 kan za a ajiye makamai shekara goma, amma bai kai biyu ba Banu Bakar suka auka wa Khuza'a, abokan ƙawancen Musulmi, da taimakon wasu Ƙuraishawa, abin da ya jawo buɗe Makka a Ramadan na shekara ta 8. Hukuncin alƙali yana ɗauke da sunan wanda ake tuhuma da laifinsa da waɗanda aka wanke. Wanda ya yage duk wannan ya bar layin da ya ce a kamo shi, ya shiga kasuwa yana nuna wa kowa, takardar bogi yake yawo da ita ko da kowane harafi a cikinta na alƙalin ne.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba zan yi kamar ba ta da asali ba. Za a ce ayar takobi ta shafe ayoyin haƙuri da sulhu, kuma gaskiya ne wasu magabata sun faɗi haka, har aka kai adadin ayoyin da ta shafe zuwa 124. Amma wanda ya kawo wannan ya yi shiru ya sake yin yankan da muke magana a kai, sai dai wannan karon maganar malamai ya yanka. Zarkashi a cikin Burhan ya ce irin waɗannan ayoyi ba shafaffu ba ne, hukunci ne da ke bin yanayi, ya dawo in yanayinsa ya dawo. Suyuɗi a cikin Itƙan ya bi shi a kan haka, ya kuma tace shafaffun ayoyin Alƙur'ani gaba ɗaya zuwa wajen ashirin. Ɗabari ya ƙi yarda cewa an shafe aya ta takwas ta Suratul Mumtahana, wadda ta yarje kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba. An ma ruwaito daga Dahhaku da Aɗa'u cewa ita ayar takobin ce aya ta huɗu ta Suratu Muhammad ta shafe, inda aka ba da zaɓin sakin fursuna kyauta ko da fansa. Kuma duk yadda aka faɗaɗa nasakhi, hankali ba zai ɗauki cewa aya ta biyar ta shafe ta huɗu da ta shida ba, alhali a zama ɗaya aka shelanta su.

Za a kuma ce ƙa'idar usulu ita ce a yi la'akari da gamewar lafazi, ba keɓantar sababi ba. Ƙa'ida ce ingantacciya, kuma malamai da yawa na da sun fahimci ayar da faɗi fiye da yadda wasu marubutan zamani ke so a ce. Ɓoye wannan ma wani ha'incin ne. Sai dai littafin da ya koya maka wannan ƙa'ida shi ne ya koya maka babin takhsisi, cewa lafazi mai gamewa ana keɓance shi da togaciya da sharaɗi da sauran nassoshi. Shi ya sa ko waɗanda suka fi faɗaɗa ayar ba su shigar da mata da yara ba, ba su shigar da mai alkawari da mai amana ba, kuma sun bar shelar yaƙi a hannun shugaba, ba kowane matashi da ya samu bindiga ba. Wasiyyar da Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham tana cikin Muwaɗɗa, littafin da ake karantawa a zaurukanmu: ya hana kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ya hana sare itace mai 'ya'ya, ya ce a ƙyale masu ibadar da suka keɓe kansu a ɗakunan bautarsu. Abubakar ɗin nan shi ne amirul hajji a shekarar da aka shelanta ayar, kuma yana nan aka karanta ta. Kai da ka tsince ta a guntun bidiyo na minti biyu ka fi shi gane ta ne?

Abin haushin shi ne gano wannan yaudara ba ya buƙatar digiri. A zaman tafsirin azumi, mai jan baƙi yana ja a jere ne, malam na fassarawa a jere, kuma in alaramma ya tsallake aya ɗaya za ka ji masallaci ya ɗauka da gyara. Mutanen da ba za su yafe tsallaken aya a tilawa ba, su ne kuma ake kawo wa rabin aya a kan maganar jini su karɓa ba tambaya. Duk wanda ya jawo maka ayar yaƙi, ka nemi sunan sura da lambar aya, ka ɗauko tarjamar Shaikh Abubakar Gumi ko wadda ke hannunka, ka koma baya aya biyar ka yi gaba aya biyar, ka duba da wa ake, me suka aikata, wa aka cire, kuma yaushe aka ce a tsaya. Gwada da aya ta 191 ta Baƙara, wadda ita ma ake yawan tsinkowa. Ta 190 ta ɗaure yaƙin a kan masu yaƙar Musulmi ta kuma hana ƙetare iyaka, ta 192 da ta 193 kuwa duk sun yi maganar abin da za a yi in abokan gaba sun daina. In mai wa'azin ya hasala don ka nemi a karanto waɗannan, tashi ka bar masa majalisin.